Rumfa Ɗaya, Masu Ita Biyu: Sharhi a kan Karon Adireshi Tsakanin Na'urori

Daga cikin illolin da kan sami na'urorin da aka haɗa su wuri guda domin su yi magana da juna, babu wadda ta kai cutar da ke zuwa ta tafi da kanta wahalar da mai gyara, domin abin da ya mutu murus ana iya ɗaga shi a duba a san inda ya karye, amma abin da ke aiki da hantsi, ya ƙi da azahar, ya dawo da la'asar ba tare da kowa ya taɓa shi ba, shi ne ke sa mutum ya zargi kebul, ya zargi kamfanin da ke sayar masa da data, ya zargi zafin rana, har daga ƙarshe ya koma zargin abin da ido ba ya gani. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa, idan an bi diddigi, sai a tarar sababin bai wuce wannan ba: na'urori biyu ne suke amsa adireshi ɗaya.

Na ga wannan mas'ala ƙuru-ƙuru a wani shagon buga takardu da ɗaukar hoton takarda, irin waɗanda ke cika da ɗalibai a lokacin rajista. Mai shagon, wani dattijo mai haƙuri, ya aiko a kira ni bayan ya sauya kebul ɗin firintarsa har sau biyu a banza. Da na iso ya ce mini, "Malam, wannan firinta ta fi ƙarfina. Sai a tura mata takarda goma ta buga huɗu ta tsaya, in an kashe an kunna ta dawo, ba a jima ba ta sake." Na ce, "Alhaji, tun yaushe ta fara?" Ya ce wata takwas tana aiki lafiya lau, sai bayan ƙaramar salla ta soma wannan hali. Yaron shagon, da ke tsaye yana jinmu, ya sa baki cewa shi ma wayarsa haka take yi masa: alamar wayifai a cike, amma saƙo ya ƙi tafiya, sai can ya tafi. Alhaji ya ce masa ya yi shiru, ana maganar firinta yana kawo zancen waya. Ashe maganar yaron ita ce bakin zaren.

Kafin a fahimci abin da ya faru, wajibi ne a san cewa kowace na'ura tana da suna iri biyu. Na farko shi ne adireshin MAC, wanda masu ƙira suka ba katin sadarwarta tun daga masana'anta, tagwayen alamomi shida ne jere, kamar `00-00-5e-00-53-1a`, kuma matsayinsa kamar sunan yanka ne, yana bin mai shi duk inda ya tafi. Na biyu shi ne adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace ba ta wuce 255 ba, kamar `192.168.1.105`, kuma shi matsayinsa kamar lambar rumfa ce a kasuwa: ta wurin ce, ana iya ba wannan yau a ba wancan gobe. Manhajoji da lambar rumfa suke aike, amma kebul da iskar wayifai ba su san komai ba sai sunan yanka. Don haka dole a sami mai fassara tsakanin biyun, kuma wannan mai fassara shi ne ARP, wata tsohuwar ƙa'ida da David Plummer ya rubuta a shekarar 1982.

Hanyar ARP mai sauƙi ce, kuma a sauƙinta illar take. Idan kwamfuta tana son aika wa firinta takarda, sai ta yi shela ga kowa da kowa cewa wane ne mai `192.168.1.105`, ya faɗi sunansa. Mai lambar ya amsa da adireshinsa na MAC, ita kuma ta rubuta a ɗan allonta na ajiya, ta riƙa aike da shi na ɗan lokaci, wanda a kwamfutocin zamani bai kan wuce daƙiƙa 15 zuwa 45 ba kafin a nemi sake tabbatarwa. To amma wannan ƙa'ida ba ta neman shaida ko bayyina daga mai da'awa. Duk wanda ya ce nawa ne, nasa ne. Fiye da haka ma, idan kwamfuta ta riga ta rubuta suna a gaban wata lamba, sannan ta ji wata na'ura dabam tana shela da wannan lamba a matsayin tata, ko da shelar ba ita aka yi wa ba, sai ta goge tsohon suna ta rubuta sabo. Hukuncin na wanda ya yi magana a ƙarshe ne. An gina ta haka ne a zamanin da na'urori ƙalilan ne, masu kula da su kuma sun san juna, ba a yi zaton za a yi jayayya ba.

Ga yadda na tabbatar da zatona a shagon. Na zauna a kwamfutar da ake tura aiki daga gare ta, na sa ta riƙa ƙwanƙwasa adireshin firinta ba tsayawa, a wata tagar kuma ina duba allon ajiyar nata lokaci bayan lokaci:

```
ping -t 192.168.1.105
arp -a 192.168.1.105
```

A dubawar farko sunan da ke gaban lambar `00-00-5e-00-53-1a` ne, kuma ya yi daidai da wanda ke jikin takardar bayanin da firintar ta buga mini. Bayan kamar minti uku, daidai lokacin da wani aiki ya maƙale, na sake dubawa, sai ga `6e-41-0c-77-b2-09` a gurbinsa. Lamba ɗaya, suna biyu. Hujja ta tsaya. Abin lura a nan shi ne ƙwanƙwasar ba ta yanke gaba ɗaya ba, tana samun amsa mafi yawan lokaci, sai dai mai amsawar ne ke sauyawa, kuma wannan shi ke yaudarar masu gyara da yawa, su ga amsa tana zuwa su yanke hukunci cewa hanya lafiya take. Wata hujjar tana cikin sunan baƙon kansa: idan alama ta biyu a adireshin MAC ta kasance 2, ko 6, ko A, ko E, to ba sunan masana'anta ba ne, suna ne da na'urar ta ƙirƙira wa kanta, kuma galibi wayoyin hannu ke yin haka. Na juya na ce wa yaron ya miƙo wayarsa. Da muka buɗe bayanin wayifai ɗinta, ga `192.168.1.105` zaune daram.

Daga nan komai ya bayyana. Duk sa'ad da wayar ta farka ta yi shela tana neman rawuta, kwamfutocin shagon sai su ɗauka ita ce mai lambar, ragowar takardun da ake bugawa su nufi aljihun yaro, wayar kuwa ba ta san wannan zance ba, ko ta yi watsi da shi ko ta mayar da amsar yankewa, aiki ya tsaya a shafi na huɗu. Duk sa'ad da firintar ta yi magana kuma, rawuta sai ta rubuta sunanta, saƙonnin da ke zuwa wa yaro daga intanet su faɗa wa firinta, shi kuma ya zauna yana kallon alama a cike ba komai. Idan an kashe firinta an kunna, tana sanar da kanta ga kowa, ta karɓe lambar na ɗan lokaci, shi ya sa Alhaji ya ɗauka kashewa da kunnawa magani ne. Idan kuma an aiki yaron kasuwa sayo takarda, firinta sai ta yi aiki kamar sabuwa har ya dawo. Abin da ake gani kamar ba shi da ƙa'ida, ashe ƙa'idarsa tafiyar yaro ce da dawowarsa.

Sauran tambaya ita ce yadda aka yi biyu suka haɗu a lamba ɗaya, kuma a nan ne maganar DHCP ta shigo. Wannan ƙa'ida, wadda aka fara wallafawa a 1993 kuma Ralph Droms ya fitar da siffarta da ake aiki da ita har yau a 1997, an yi ta ne domin a hutar da mutane daga rubuta wa kowace na'ura adireshi da hannu. A gidaje da ƙananan shaguna rawuta ce ke riƙe da wannan aiki, tamkar sarkin kasuwa mai littafin rumfuna. Baƙuwar na'ura takan yi shela tana neman wuri, rawuta ta yi mata tayin wata lamba, na'urar ta ce ta karɓa, rawuta ta tabbatar ta rubuta. Magana huɗu ke nan, an ƙulla. Ba kyauta ba ce kuma ba sayarwa ba ce, ijara ce mai ajali. Idan ajalin awa 24 ne, na'urar takan nemi sabuntawa daga wanda ya ba ta bayan awa 12, in ba ta same shi ba ta yi shela ga kowane mai rabo bayan awa 21, in ajali ya cika ba a sabunta ba ta saki lambar. Lambobin da ake rabawa kuwa suna da iyaka da aka shata. A rawutar Alhaji daga 100 ne zuwa 199.

Wanda ya kafa firintar tun farko ya yi abin da ake ganin hikima ce. Ya san firinta tana bukatar lamba tabbatacciya, tun da kwamfutoci da lambar suke nemanta, don haka ya shiga allonta ya rubuta mata 105 da hannu. Kuskurensa ɗaya ne: ya zaɓo lambar daga cikin filin da rawuta ke rabawa, bai kuwa gaya wa rawuta ba. Na'urar da aka rubuta wa adireshi da hannu ba ta neman izinin kowa, ba ta shiga littafi, a wurin mai littafi rumfarta kango ce. Wata takwas asiri ya rufu domin na'urorin shagon huɗu ne kacal, ita kuma wannan rawuta bi da bi take rabo daga ƙasa, bai taɓa wuce 103 ba. Bayan salla aka ƙara ma'aikata biyu, aka ba kowa kalmar sirrin wayifai, rabo ya hau, na shida a layi ya faɗa kan 105.

Mai karatu zai iya cewa, ashe waɗanda suka tsara waɗannan abubuwa ba su hango haka ba? Sun hango. An so mai rabo, kafin ya yi tayin lamba, ya ƙwanƙwasa ta ya ji ko da mai amsawa. An so kuma mai karɓa ya yi shelar gwaji da ARP, in ya ji wani ya amsa ya mayar da lambar da saƙon da ake kira `DHCPDECLINE` ya nemi wata. A 2008 Stuart Cheshire ya tsara wannan bincike dalla-dalla: tambaya sau uku kafin a fara amfani da lamba, sanarwa sau biyu bayan an fara, da yadda na'ura za ta kare lambarta ko ta janye. Kwamfuta mai Windows ma takan fito da gargaɗin "Windows has detected an IP address conflict", kuma umarnin `ipconfig /all` yakan nuna `(Duplicate)` a gefen lambar. Sai dai duk wannan kariya tana da gurbi ɗaya da ba ta iya toshewa: wanda yake a kashe ba ya amsa sallama. A shagon Alhaji, da safe ana tayar da ƙaramin janareta, rawuta da kwamfutoci su tashi, wayoyi su shiga, amma babbar firinta mai cin wuta ba a kunna ta sai aiki ya zo. Rawuta ta ƙwanƙwasa 105, shiru. Waya ta tambaya, shiru. An ƙulla ijara sahihiya bisa dukkan sharuɗɗa. Can da hantsi firinta ta tashi ta zauna a lambar da aka rubuta mata, domin ba ta san wata ba. Kowanne a cikinsu yana da hujja, ɗaya da takardar mai littafi, ɗaya da rubutun hannun mai gida.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne keɓe adireshi a cikin DHCP, wanda a allon rawutoci ake samunsa da sunaye daban-daban, wasu `Address Reservation`, wasu `Static Lease`, a na MikroTik kuma `Make Static`. Haƙiƙarsa ita ce a rubuta a littafin rawuta cewa lamba kaza an tsare ta ga mai suna kaza, kamar hubusin da aka tsayar wa mutum ɗaya, ba a ba wani ko da mai shi ya yi shekara ba ya nan. Na'urar kuwa ba a rubuta mata komai da hannu. Tana tashi ta yi shela kamar kowa, ta karɓi ijara kamar kowa, sai dai duk ranar da ta tambaya lamba ɗaya ake ba ta. Ta haka aka sami tabbacin da mai kafa firinta yake nema, ba tare da an fita daga littafi ba. A manhajar `dnsmasq`, wadda rawutoci da yawa ke ɗauke da ita a ciki, duk zancen layi biyu ne:

```
dhcp-range=192.168.1.100,192.168.1.199,24h
dhcp-host=00:00:5e:00:53:1a,192.168.1.105
```

Aikin yana da tartibi, kuma wanda ya tsallake mataki ɗaya zai ɗauka maganin ne bai ci ba. Na fara keɓe 105 ga sunan firinta, na bar ta a lambarta ta da domin kada a sake saita kwamfutoci uku. Sannan na sa yaron ya cire wayarsa daga wayifai ya sake shiga, domin keɓewa ba ta ƙwace ijarar da ke hannun wani nan take. Wayar za ta ci gaba da riƙe lambar har sai ta zo sabuntawa an ƙi mata, wanda kan iya kaiwa awa 12. Da ta sake shiga aka hana ta 105 aka ba ta wata. Daga nan na shiga allon firinta na mayar da ita daga `Static` zuwa `DHCP`, na kashe na kunna, na buga takardar bayaninta na ga lambar ta dawo, wannan karon daga hannun rawuta. A ƙarshe na share allon ajiyar kwamfutoci da `arp -d *`, muka tura takarda mai shafi 40, yaro yana tsaye da wayarsa a hannu yana aika saƙo, ta fito cif.

Akwai masu ra'ayin cewa ya fi sauƙi a bar na'ura da rubutun hannu, a fitar da ita kawai daga filin rabo, a ba ta 50 misali. Wannan hanya ce sahihiya, ba na inkarinta, kuma tana da falala ɗaya da keɓewa ba ta da ita: na'urar ba ta dogara ga rawuta ba. Firintar da ke jiran rabo, idan wuta ta dawo ta riga rawuta tashi, takan yi shela ba mai amsawa, ta ba kanta lamba mai farawa da `169.254`, ta ɓace wa kowa har sai ta sake tambaya. Ita rawuta kanta ma dole lambarta ta zama rubutun hannu, tun da mai rabo ba ya raba wa kansa. Amma aibin rubutun hannu shi ne littafinsa yana cikin kan mutum. Yau wannan mai gyara ya ba firinta 50, bayan shekara wani ya zo kafa na'urar kyamarori, shi ma 50 ta yi masa kyau a ido, rigima ta dawo sabuwa, wannan karon ma ba mai littafin da za a tambaya. A ganina, duk na'urar da ke iya karɓar rabo a keɓe mata. Wadda kuma dole sai da hannu, a rubuta mata, sannan a keɓe wannan lambar ga sunanta a rawuta duk da haka, ko da ba za ta taɓa tambaya ba, domin layin ya zama shinge kuma ya zama shaida ga mai zuwa daga baya.

Keɓewa tana da iyakokinta, kuma mafi girmansu shi ne ba ta da iko sai a kan wanda ya tambaya, kuma ya tambayi mai littafi ɗaya. Sau da yawa mutum yakan ga wayifai bai kai ɗakin baya ba, ya sayo rawuta ta biyu ya jona ta da kebul a ɗaya daga ramukanta na `LAN`, bai kashe mata DHCP ba. An gudu gara an faɗa gidan zago. Yanzu sarakunan kasuwa biyu ne, kowanne da littafinsa, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta, na'ura kuma galibi tayin da ya riga isowa take karɓa. Wani lokaci ma rawutocin biyu su kansu lamba ɗaya suke amsawa, `192.168.1.1`, sai intanet ya riƙa yankewa ga kowa da kowa. Ana gane wannan ta duba layin `DHCP Server` a cikin `ipconfig /all` a kwamfutoci daban-daban, in an ga lambobi biyu magana ta ƙare. In kuma lambar ɗaya ce, sai a sa ido a kan sunan da ke gabanta a `arp -a`, kamar yadda muka yi wa firinta. Maganinsa a kashe rabo a ta biyun, a sauya mata lamba.

Iyaka ta biyu tana ga sunan da aka jingina keɓewar a kansa. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi sukan ɓoye sunansu na asali su ƙirƙiri wani ga kowane wayifai, domin kada a bi sawun mai su. Wannan suna yakan daɗe, amma yana iya sauyawa, kuma ranar da ya sauya keɓewar ta zama ta wanda ba ya nan. Wanda ke son keɓe wa waya lamba sai ya kashe wannan ɓoyewa ga wayifai ɗin gidansa kaɗai. Haka nan na'ura mai ƙofa biyu, ta kebul da ta wayifai, kowace ƙofa da sunanta. Firintar Alhaji ma haka take, kuma na kebul na rubuta domin da shi take aiki.

Kafin in tafi Alhaji ya tambaye ni, "To Malam, in yaran nan suka danna ɗan maɓallin bayan rawuta fa, kamar yadda suka taɓa yi?" Na ce masa in an danne shi har ta koma yadda ta fito daga kwali, littafin duka ya goge, keɓewa da komai, firinta za ta karɓi kowace lamba aka miƙa mata, ba za a yi karo ba amma kwamfutoci za su neme ta a 105 su rasa. Sai na adana kwafin saitin rawutar a kwamfutarsa, na kuma karɓi biro da farar takarda na rubuta sunan firinta da lambarta, da filin rabo daga 100 zuwa 199, da lambar rawuta, yaron ya kawo salatif muka manna a bango daidai saman inda take ajiye.